Na'urar Sulocana da Kilo Ɗaya

A zamanin da nake ba ku labari, mu uku muke cin abincin rana tare a gindin kwakwar da ke bayan ɗakin gwaji, inda iskar teku ke shigowa: ni Mattai, da Baskaran, da matarsa Sulocana. Dukansu sun girme ni, don haka Ceta nake ce masa, ita kuma Ceci, kamar yadda ƙane ke kiran yayyensa. Ban yi aure ba a lokacin. Abincin kantin ma'aikata kuwa, ko kifin da ke cikinsa ba zai yi alfahari da shi ba. Sai Ceci ta riƙa ƙaro rogo da miyar kifi a ganyen ayaba, tana cewa wai ta yi kuskuren awo ne. Shekara uku tana wannan kuskuren.

Rokar da muke ginawa ita ce ta farko da muke sa ran za ta ɗora tauraron ɗan'adam a kan hanyar kewaya duniya. Gaɓa huɗu gare ta, kamar rake, kowace gaɓa cike da daskararren mai mai kama da roba. Ni ke da gaɓa ta huɗu, 'yar ƙarama ta can ƙoli. Sulocana na cikin masu tauraron, tana da na'urarta a ciki. Baskaran kuwa shi ke riƙe da nauyi. Duk abin da zai hau rokar nan, ko noti ne, sai ya bi ta kan sikelinsa. Ba a ƙaunarsa sosai a ma'aikatar, kuma bai damu ba.

Mahaifina matuƙin kwale-kwale ne. Da na je gida hutun Kirsimeti ya tambaye ni, "To wai nisan nawa za ku cilla abin nan sama har ya ƙi faɗowa?"

Na ce, "Appa, tsayin ba shi ne wahalar ba. Gudu ne. Ka jefa dutse gaba, zai faɗi can. Ka ƙara ƙarfi, ya faɗi gaba da can. In ka fita saman iska ka jefa shi a gicciye da gudun kusan kilomita takwas a sakan guda, yana faɗowa ƙasa na lanƙwashewa tana zille masa. Haka zai yi ta faɗuwa bai iso ba."

Ya ɗan tauna ganyen da ke bakinsa. "To ku ƙara mai mana."

"Man ma ai ɗaukarsa ake yi. Kamar ka ce za ka yi doguwar tafiya, ka ɗebi shinkafar masu tuƙi. Shinkafar ta yi nauyi, sai ka ƙaro masu tuƙi. Su ma sai sun ci."

Ya ce, "Wannan ai ba sana'a ba ce, jaraba ce." Ya miƙo mini ayaba.

Gaskiyarsa. Lissafin roka ba shi da tausayi, kuma kowa a wurinmu ya haddace shi kamar addu'a. Da irin man da muke da shi, duk ƙarin gudun kilomita ɗaya da rabi da ɗoriya a sakan, sai ka ninka nauyin rokar gaba ɗaya. Ka sake neman wani ƙarin, ka sake ninkawa. Kafin ka tara gudun da ake so, haɗe da wanda nauyin duniya da iska za su ƙwace maka a hanya, cikin kashi arba'in na rokar talatin da tara mai ne. Alhali gangar da ke riƙe man ita kaɗai ta wuce kashi ɗayan da ya rage. Shi ya sa ake yin gaɓa-gaɓa: wadda ta ƙone a yar da gangarta, ta gaba ta kama wuta ba tare da ta ja gawa ba. Duk da wannan dabarar, rokarmu mai tan goma sha bakwai tauraron kilo arba'in kawai za ta iya kaiwa. Yaron da ya ƙoshi ya fi shi nauyi.

Na'urar Sulocana kilo huɗu ce a cikin arba'in ɗin. Aikinta auna siririyar iskar can sama mai ɗauke da lantarki, wadda ke dagula muryar rediyo a yankinmu da zarar rana ta faɗi. Shekara bakwai tana kanta. Ta sha ɗora ƙannen na'urar a ƙananan rokoki masu tashi su faɗo teku kafin shayi ya huce, kullum ta dawo da ɗan guntun bayani tana tsaki. Wannan karon watanni za ta samu. Da hannunta ta naɗe wayoyin ciki, har tana da ciki wata takwas tana zuwa.

Farkon damina muka ɗaure gaɓata a ƙasa muka kunna ta don gwaji. Ta ci wutarta lafiya har ƙarshe, muka yi ta tafi. Da ta huce muka tsaga gangar, sai muka ga shafen da ke kare ta daga zafi ya cinye kusa da maƙogwaron da wuta ke fita, saura kaurin farce. A ƙasa ta tsira. A sama ba wanda zai sa hannu ya ce za ta tsira. Muka yi ta juya abin, ba makawa sai an ƙara kaurin shafen an kuma ƙarfafa maƙogwaron. Da aka auna, kilo huɗu.

Da a gaɓa ta farko ne, da ba wanda zai rasa barci, don ita tun da wuri ake yar da ita, sai ka ƙara mata kilo talatin kafin tauraro ya yi asarar ɗaya. Amma tawa tare da tauraron take tafiya har ƙarshe. Kilo a jikinta kilo ne daga jikinsa, ba ragi.

Ni na kai wa Baskaran labari. Ya cire tabarau ya goge da gefen mundunsa, zanen da mazanmu ke ɗaurawa, ya daɗe yana gogewa. Tauraron ba shi da abin cirewa: batir ne, da na'urar magana da ƙasa, da masu auna lafiyar rokar kanta, waɗanda dominsu ake yin tashin farko. Abu ɗaya ne za a cire tauraro ya ci gaba da numfashi. Mu biyun mun sani.

"Kai za ka gaya mata ko ni?" in ji shi.

"Ceta, matarka ce."

"Gaɓarka ce."

Ba mu gama tura wa juna ba ta shigo, ashe labari ya riga mu. Ta tsaya a bakin ƙofa da lema tana ɗiga.

"Mattai, na ji 'yarka ta yi ƙiba."

"Ceci, ba yadda na iya ne."

"Na sani. Rogon da nake ba ka ne ya bi ta." Ta juya wajen mijinta, ta yi masa kiran girma na ofis. "Sar mai sikeli, wata nawa za ka ba ni?"

"Biyu. Ranar da za a rufe lissafi."

"Ya isa."

Watanni biyun nan, in na tuna su yanzu, su ne mafi daɗin zamana a wurin, ko da yake a lokacin ba wanda ya ce daɗi yake ji. Ma'aikatar gaba ɗaya ta shiga farautar nauyi. Mutanen gaɓa ta uku suka rage tsawon wayoyinsu, suka huda ƙarafan riƙo kamar rariya. Na gaɓa ta biyu suka kankare fenti. Wani dattijo mai walda ya zo wa Baskaran da notuna cike da hula, ya ce a rubuta. Baskaran ya auna ya ce, "A gaɓa ta farko ka ciro su? To ka samar wa tauraro nauyin ƙwayar gyaɗa biyu." Dattijon ya ce, "Rubuta gyaɗar." Ya rubuta.

Ita kuwa ta kwance na'urarta kaf a kan tebur. Ta yar da akwatin ƙarfen, ta sa aka yi mata wani na gwangwani mai laushi da za ka iya lotsawa da yatsa. Cikin ido biyu da na'urar ke da su ta cire ɗaya, ta ce da ɗaya ma ana ganin hanya. Wata rana na same ta tana goge kan kusoshi da zarto, gashinta duk garin ƙarfe.

A gindin kwakwa kuma ba a fasa cin abinci tare ba, sai dai rabon ya canza. Takan zuba mini tuli, ta ɗiba wa Baskaran cokali biyu.

"Mene ne haka?" in ji shi.

"An rufe lissafi, Sar mai sikeli. Ba wuri."

"Wannan da ya jawo mana abin shi kike cika wa ganye?"

"Shi ai ya ji kunya. Kai fa?"

Ya ci cokali biyunsa, ni kuma ina tura masa rogo ta ƙarƙashin ganye.

Ranar rufe lissafi muka taru a ofishin shugaban aikin, Kurup Sar, fanka na juyawa a kanmu tana kaɗa zafi. Baskaran ya tashi ya faɗi abin da aka samu. Duk kankare-kankaren gaɓoɓin ƙasa, in an mayar da shi awon tauraro, kilo ɗaya ya bayar. Sulocana ta sauko da na'urarta daga huɗu zuwa biyu. Saura kilo ɗaya.

Kurup Sar ya ce, "Ba inda za a ƙara matsawa?"

"An matse, Sar. Abin da ya rage ƙashi ne."

Wani daga cikin masu tauraron ya ce a ƙara wa gaɓa ta farko mai. Sulocana da kanta ta ba shi amsa, ba ta ko ɗago kai ba. "Kowane kilo a sama yana zaune ne a kan kilo ɗari huɗu a ƙasa. Gangar a cike take. Sabuwar ganga kuwa sabon gwaji ne, shekara biyu. Bar wannan." Sannan ta dubi mijinta. "Amma akwai rara. Baskaran Sar yana da rarar gudu da ya ajiye a gefe. Na san yawanta. Kilo ɗaya ba zai cinye ta ba."

Kowa ya san da rarar, ba wanda ya taɓa ambatonta a gabansa.

Ya ce, "Ba zai cinye ta ba. Zai ci sulusinta."

"To?"

"To rarar nan ba tawa ba ce, ta abin da ba mu sani ba ce. Gaɓoɓi huɗun nan ba su taɓa tashi tare ba. Ta huɗu ba a taɓa kunna ta inda babu iska ba, ƙiyasi kawai muke yi. Kilo ɗaya zai sauko da ɗaya gefen kewayen, na can bayan duniya, da kilomita tamanin. In gaɓa guda ta ɗan yi kasala, ko ta huɗu ta kalli ƙasa kaɗan, gefen nan zai nutse cikin iska. Tauraro ya ƙone kafin mako, ko ma bai zagayo ba. Mutum dubu sun ba abin nan shekara goma."

"Ni ma ina cikin dubun."

"Na sani."

"Bakwai daga cikin goman a gabanka na yi su."

"Sulu, na sani."

Bai taɓa kiranta haka a ofis ba. Kurup Sar ya dubi fanka, ya dubi tebur, sannan ya ce shi ba zai tsallake maganar mai nauyi ba, don ranar da ya yi haka sau ɗaya, kowa zai zo da nasa kilon.

Masu haɗa tauraron suka ce za su cire na'urar da yamma. Ta ce a'a. Ta sa farar riga da hula ta shiga ɗakin da ba a shiga da ƙura, ta kwance kusoshin da kanta, ta toshe ramin da faifai. Ina kallo ta gilashi. Da ta fito ta miƙa wa Baskaran na'urar ta ce, "Auna, kar a ce na rage wani abu a ciki." Ya karɓa, ya kuwa auna.

Daga ranar aka daina zama a gindin kwakwa. Takan aiko mini da ƙunshina ta hannun masinja. Shi kuma na riƙa ganinsa a kantin ma'aikata yana fama da kifin nan shi kaɗai.

Bayan damina muka ɗunguma a jirgin ƙasa zuwa bakin tekun gabas, tsibirin da ake harbawa, don a cilla rokar ta fuskar fitowar rana juyawar duniya ta ƙara mata gudu, gangunan kuma su zuba a teku. Sulocana ba ta da sauran aiki a tashin. Amma ta zo, ta ce ita ta san wayoyin tauraron fiye da kowa, aka ba ta kujera wajen masu sauraron muryarsa.

Da hantsi aka harba. Ba zan iya gaya muku yadda ƙarar take ba, a ƙirji ake jin ta. Muna cikin ɗakin kankare, ba ma ganin komai sai alƙaluma na zana layi a kan takarda mai tafiya. Mai sanarwa ya ce ta farko ta rabu. Can ya ce ta biyu. Can ta uku. Daga nan sai dogon shirun nan, rokar na hawa da sauran gudunta ba wuta, tana kwantawa a hankali har ta daidaita da gefen duniya. Aka juya gaɓata kamar katantanwa don kada ta karkace. Ni dai na san ina karanta addu'ar da uwata ta koya mini, ina tsallake rabi. Sai alƙalami ya yi tsalle. Ta kama. Ta ci wutarta har ƙarshe, maƙogwaron bai ce komai ba.

Ba a yi murna sosai ba tukuna, don sai tauraro ya zagayo an ji shi sannan ake yarda. Aka kawo shayi ba wanda ya sha. Bayan awa ɗaya da rabi da 'yan mintuna, ya ɗan makara a kan lokacin da aka sa masa, sai ga muryarsa a lasifika, ɗis, ɗis, ɗis. Sulocana ce ta fara ji, ta ɗaga hannu. Abin da ya biyo baya ba shi da tsari. Kurup Sar ya rungume mai shara. Wani ya fasa kwakwa a kan matakala. Dattijon mai walda yana ta ihu wai gyaɗarsa ce ta kai shi.

Da rana masu bin sawu suka kawo awon kewayen. Makarar da tauraron ya yi ba ta banza ba ce: hanyarsa ta fi wadda aka zana tsawo. Gaɓata ta yi ƙarfi a sama fiye da ƙiyasinmu, sauran ukun kuma ba wadda ta yi kasala. Ɗaya gefen kewayen ya haura inda aka nufa da kusan kilomita ɗari huɗu.

Aka sake tafi. Ni ma na tafa, sai na hango Sulocana tana motsa leɓe tana kallon silin. Ba ta buƙatar takarda. Na ga lokacin da ta gama lissafin. Na waiwaya, Baskaran ma ya gama nasa, yana tsaye riƙe da kofin shayi mai sanyi.

A jirgin komawa mu uku muka faɗa benci ɗaya, ban san wanda ya shirya hakan ba. Sauran taragon ana ta waƙa ana buga akwati. Ita tana jikin taga, shi yana bakin hanya, ni a tsakiya kamar buhun da aka manta. Muka wuce gonakin shinkafa, muka wuce duwatsu. Sai da jirgi ya tsaya a wata tasha bayan mun shigo yankinmu, aka fara jin masu talla da harshen gida, ta leƙa ta sayi soyayyar ayaba a takarda. Ta ba ni ɗaya. Ta riƙe sauran a cinya.

"Rarar kilo biyar," ta ce, ba ta dube shi ba.

"Kusan biyar."

"Da na'urar ta hau yadda take tun farko, da idonta biyu da akwatinta."

"Da ta hau."

Jirgi ya motsa. Ta ce, "In aka mayar da kai ranar nan, ba ka san abin da ka sani yau ba, me za ka yi?"

Na so ya yi ƙarya. Na taka masa ƙafa ma. Ya ce, "Cire ta zan yi."

"Na sani," in ji ta. "Abin da ke ba ni haushi ke nan. Ko faɗa mai kyau ba a iya yi da kai." Ta share ido da gefen sarinta, ta miƙa takardar ta gabana. "Mattai, ba shi. Ya rame kamar sandar lema, mutane za su ce ba na dafawa."

Ya ci ayaba uku a jere.

Na'urar ba ta taɓa tashi ba. Tashi na biyu, da aka san ainihin ƙarfin gaɓata, an ƙara wa tauraro kaya, amma wurin aka ba kyamarar ɗaukar hoton gonaki, don ita gwamnati ke jira. Kafin layi ya zagayo kan Sulocana, kayan cikin na'urar sun zama tsohon yayi. Sai bayan shekara takwas ta tashi wata sabuwa, a babbar roka mai ruwan mai, wadda ba a kankare wa kowa fenti ba. Ta samu bayaninta har ya yi mata yawa, ɗalibai suka yi ta digiri da shi. Amma ta sha gaya mini ba ta san wayoyin waccan ba, kamfani ne ya naɗe su.

Na yi aure shekarar da ta biyo, ita ta zaɓo wa matata sarin biki. Baskaran ya riƙe sikeli har ya yi ritaya, bai sassauta wa kowa ba, bai kuma taɓa kare kansa a kan waccan ranar ba ko da wasa. Ya rasu bara waccan, damina na tsaka. Yaran da ke wurin yanzu tan-tan suke kaiwa sama, in na ce musu mun taɓa yin wata biyu muna neman kilo ɗaya sai su yi murmushin ladabi.

Ceci tana nan a gidansu na bayan gari, gwiwa ta hana ta fita. Ranar Lahadi in na taso daga coci nakan biya. Ba ma yawan maganar roka. Jiya ma rigimarta da mai hawan kwakwa ta ba ni labari, wai ya ce bishiyar bayan gida ta tsufa a sare, ita kuma ta ce sai dai shi a sare shi.